Shafi Ɗaya Tak: Yadda Ake Taƙaita Labarin Fim Don Shiga Gasa

Duk wanda ya tashi da karatun littattafan soyayya na Kano ya san yadda ake rubuta bayan bango. Za a kawo yarinya da saurayinta, a kawo uban da ya ƙi, sai a jero tambayoyi: shin Hajara za ta amince da zaɓin mahaifinta? Wane sirri ne kishiyar uwarta take ɓoyewa? Sai a rufe da cewa amsa tana cikin littafin, wani lokaci ma tana cikin littafi na biyu. Finafinan Kannywood sun gaji wannan salo a tirelarsu da kuma yadda suke yanke labari a daidai inda rai ya tsaya, a ce mu haɗu a kashi na gaba. Dabara ce ta kasuwa, kuma tana aiki, domin mai saye ba ya biyan kuɗin abin da aka riga aka gaya masa.

Matsalar tana tasowa ne ranar da marubucin da ya saba da wannan salo ya kammala sikirif ɗinsa, ya ga sanarwar wata gasar rubutun fim, aka ce ya haɗo da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, abin da masu sana'ar ke kira sinofsis. Hannunsa da kansa zai koma ga abin da ya saba. Zai zuba farkon labarin da kyau, ya taɓa tsakiya, ya rufe da alamar tambaya. Ga alƙalin gasa kuwa, wannan shafi ya faɗi tun kafin a buɗe sikirif ɗin.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ɗan kallo yana neman nishaɗi ne, don haka ɓoye masa ƙarshe kyautatawa ce. Alƙali aiki aka ba shi: ya gano ko wannan marubuci ya iya gina labari daga tushe har rufi. Kuma wurin da labarai suka fi rushewa shi ne ƙarshensu. Kusan kowa yana iya ƙirƙiro mafari mai jan hankali, amma warware ƙullin da aka ɗaura ta yadda zai gamsar, nan ake gane gwani. Marubucin da ya ɓoye ƙarshe ya ɓoye ainihin abin da ake son dubawa ke nan, ya mai da lamarin cinikin biri a sama. Mai karatu da ya ƙware yakan ɗauki ɓoyewar a matsayin alama cewa ko dai ƙarshen ba shi da ƙarfi, ko marubucin bai san ƙa'idar aikin ba. Duka biyun ba su taimaki mai neman nasara ba.

Su wa ke karanta shafin

Yana da kyau a san halin da mai karatun yake ciki. Gasar Nicholl, wadda hukumar da ke ba da kyautar Oscar take gudanarwa a Amurka, ta fara ba da kyauta a 1986, kuma ta yi shekara da shekaru tana karɓar dubban sikirif domin ta zaɓi waɗanda ba su wuce biyar ba, kowanne ta ba shi dala 35,000. Cibiyar Sundance, wadda Robert Redford ya kafa a 1981, takan nemi shafuka biyar na farko na sikirif tare da taƙaitaccen labari a zagayen farko na neman shiga horonta na marubuta, sai wanda ya tsallake ake neman cikakken rubutunsa. A nan Afirka akwai Durban FilmMart a Afirka ta Kudu, da Ouaga Film Lab a Wagadugu, inda masu shirin fim ke kai ayyukansu don neman horo da masu zuba jari, kuma taƙaitaccen labari yana cikin takardun da ake gabatarwa. Ƙa'idoji sun bambanta. Wasu jimla ɗaya ko biyu kawai suke nema, wasu shafi ɗaya, wasu su ƙayyade adadin kalmomi. Amma mai karatun iri ɗaya ne a ko'ina: mutum ne da tulin takardu a gabansa, wanda ya karanta labarai da yawa kafin naka, kuma wasu da yawa suna jiransa. Ba zai koma baya ya sake karanta sakin layi don ya gano wace ce Binta wace ce Bilki ba.

Shafi ɗaya na takardar A4, da haruffa masu girman 12, yana ɗaukar kalmomi 400 zuwa 500. Sikirif na cikakken fim yakan kai shafi 90 zuwa 120, bisa lissafin da aka saba na cewa shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo. Wato kowane shafi na sikirif ɗinka yana da rabon kalmomi huɗu ko biyar kacal. Da wannan lissafi kaɗai mutum zai gane cewa ba zai yiwu a bi fim sin bayan sin ana taƙaitawa ba. Dole a zaɓi zare ɗaya a bi shi, a bar sauran.

Wane zare? Na mutumin da labarin yake kansa: me yake so, me ya tare masa hanya, me ya yi a kai, me abin da ya yi ya jawo, ina aka kwana. Syd Field, a littafinsa Screenplay na 1979, ya yaɗa tsarin kasa fim gida uku: rubu'in farko na gabatarwa, rabi na tsakiya na gwagwarmaya, rubu'in ƙarshe na warwarewa. Ba dole ne kowane fim ya bi wannan awo ba, kuma manyan finafinai da yawa ba su bi ba, amma alƙalai sun san shi, idonsu kuma yana neman wuraren da labari ya juya. A shafi mai kalmomi 450, wannan yana nufin kamar kalmomi 100 na gabatarwa, 230 na tsakiya, 120 na ƙarshe. Ni a ganina gara a ɗan rage wa farko a ƙara wa ƙarshe, domin kusan duk sabon marubuci akasin haka yake yi. Yakan cinye rabin shafi yana bayanin garin su jarumi da tarihin gidansu, sai ya ga fili ya ƙare, ya dunƙule awa guda ta fim a jimla biyu.

Misali daga Dakar

Maimakon dogon bayani, bari mu ɗauki fim na gaske mu yi aikin a kansa. Mandabi fim ne da Ousmane Sembène na Senegal ya fitar a 1968, da harshen Wolof, ya kuma samu kyauta ta musamman a bikin finafinai na Venice a wannan shekarar. Na zaɓe shi ne don labarinsa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa bin layin ofis yana neman takarda. Mu ƙaddara ba a yi fim ɗin ba tukuna, sikirif ne a hannun wani matashi da zai aika gasa. Ga yadda mai salon bayan bango zai rubuta:

"Wannan labari ne mai taɓa zuciya game da talauci, cin amana da lalacewar al'umma. Ibrahima Dieng mutumin kirki ne da ya samu kuɗi daga ƙasar waje, amma sai abubuwa suka rikice masa ta hanyar da bai taɓa tsammani ba. Ya haɗu da matsaloli iri-iri da mutane iri-iri. Shin zai samu kuɗinsa? Shin gaskiya za ta yi halinta?"

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma kuma babu fim. Ka cire sunan Dieng ka sa wani, zai dace da labarai ɗari. Yanzu ga wani yunƙurin, wanda na rubuta don wannan darasi:

"Dakar, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. IBRAHIMA DIENG, dattijo mai mata biyu da 'ya'ya bakwai, ya daɗe ba shi da aikin yi, amma ba ya taka ƙofar gida sai cikin babbar riga. Yana waje mai rabon wasiƙu ya kawo takardar karɓar kuɗi ta gidan waya: ɗan 'yar'uwarsa ABDOU, mai sharar titi a Faris, ya aiko da sefa 25,000. Kafin Dieng ya dawo, matansa sun ciyo bashin shinkafa a kanti, unguwa kuma ta ji ƙamshi.

"A gidan waya aka karanta masa wasiƙar. Sefa 2,000 ne kawai nasa, 3,000 na mahaifiyar Abdou, sauran ajiya ce. Kuma ba za a ba shi ko sisi ba sai ya kawo katin shaida. 'Yan sanda suka ce ba kati sai da takardar haihuwa da hotuna. Ofishin gari ya ce ba takarda sai ya faɗi ranar da aka haife shi, shi kuwa shekarar ma kintata yake yi. Kowace tafiya tana cin kuɗin mota da na goro, duk na aro ne a kan kuɗin da bai gani ba. A gida kuma maƙwabta sun yi layi, kowa da buƙatarsa, kuma mutumin da ya yi suna da babbar riga ba ya iya cewa babu.

"Sai ga 'yar'uwarsa daga ƙauye ta zo karɓar rabonta. Don ya fita kunya, aka jinginar da zinaren matarsa a kan kuɗi kaɗan. Mai hoton da ya biya ya cinye kuɗin bai ba shi hoto ba, da ya je neman haƙƙinsa ya dawo gida jina-jina. Matansa suka ga dama ta samu, suka shelanta wa unguwa cewa ɓarayi sun ƙwace kuɗin. Masu roƙo suka lafa, amma masu bin bashi ba su lafa ba, ga shi yanzu Dieng yana ɗauke da ƙaryar da ba shi ya yi ba.

"Mai kanti ya tozarta shi a gaban jama'a. Nan MBAYE ya shigo, ɗan boko mai mota da kwat, ya ce abin ai mai sauƙi ne: Dieng ya sa hannu ya wakilta shi, shi zai karɓo. Dieng ya sa hannu. Mbaye ya karɓi kuɗin, ya dawo ya ce an yanke masa aljihu. Ƙaryar da matan Dieng suka yi ta kare shi, ita aka mayar masa, kuma ba shi da bakin musu. Aka sallame shi da 'yar shinkafa.

"A ƙofar gidansa, Dieng ya gaya wa mai rabon wasiƙu cewa ya daina gaskiya, shi ma daga yau zai zama macuci kamar kowa. Mai rabon wasiƙu ya amsa cewa shi Dieng da matansa da sauran talakawa su ne za su gyara ƙasar. Dieng bai taɓa kuɗin da hannunsa ba, bashin kuwa yana nan a wuyansa."

Wannan bai cika shafi ɗaya ba, kuma duk fim ɗin yana ciki. Abin lura na farko shi ne abin da ke haɗa jimlolin. Ba "daga nan sai, daga nan sai" ba ne. Kowane abu shi ya haifi na gaba da shi. Matan sun ci bashi, don haka unguwa ta sani. Unguwa ta sani, don haka maroƙa suka zo. Ofisoshi sun hana kuɗin, don haka bashi ya ƙaru. Bashi ya kai shi ga tozarci, tozarci ya jefa shi hannun Mbaye. Wannan sarƙa ita ce abin da alƙali yake nufi idan ya ce labari yana da tsari. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗauki jimloli biyu na tsakiyar shafinka ka sauya musu wuri. Idan labarin bai lalace ba, to abubuwan da suka faru jere kawai suke, ba su ɗaure da juna ba. Kuma sau da yawa laifin ba na shafin ba ne, na sikirif ɗin ne. Shi ya sa marubuta da dama suke rubuta taƙaitawar tun kafin su gama gyaran sikirif, don ita ce ke tona inda ginin ya yi rauni.

Abu na biyu shi ne sunaye. Uku kawai na ambata: Dieng, Abdou, Mbaye, kowanne da manyan baƙaƙe a karon farko, kamar yadda ake yi a cikin sikirif. Matan Dieng suna da sunaye a fim ɗin, mai kanti da mai rabon wasiƙu ma haka, amma a shafi ɗaya matsayinsu ya isa. "Mai kanti" ya gaya wa mai karatu duk abin da yake buƙata, suna kuwa kaya ne da zai ɗauka a ka har ƙarshen shafi. Labaranmu na Hausa sun fi shan wahala a nan, domin gidajenmu cike suke: uwargida, amarya, goggo, kawu, ƙanwar miji, aminiyar amarya. Marubuci yana ƙaunar kowannensu, yana ganin rashin adalci ne a bar wani. Idan sunaye suka wuce huɗu ko biyar a shafi ɗaya, mai karatu ya fara ɓata.

Na uku, an bar abubuwa da yawa masu daɗi. A fim ɗin akwai maroƙan titi, akwai ɗan'uwan da Dieng ya je wurinsa neman taimako, akwai ƙananan ban dariya da yawa. An bar su ne don cire su bai tsinka sarƙar ba. Ƙaryar matan kuwa ba ta ciruwa, ko da yake a sikirif za ta iya zama kamar ƙaramin sin, domin ita ce ke ba cutar Mbaye ɗacinta a ƙarshe. Ma'aunin ke nan na abin da zai shiga da abin da zai fita: ba tsawon sin ba, ba kuma yadda marubuci yake son sa ba, sai dai ko ƙarshen labari yana buƙatarsa.

Ina muryar marubuci take?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. An ce a taƙaita, an ce a faɗi komai, sai marubuci ya ɗauka rahoton 'yan sanda ake so, ya rubuta abu busasshe. Wani kuma ya bi ɗaya gefen, ya cika shafin da kirari: labari mai ratsa jiki, mai sa hawaye, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Na farko ya ɓoye muryarsa, na biyu kuma muryar mai talla ya ara.

Murya tana cikin abin da ka zaɓa ka nuna da kuma yadda ka gina jimlar. Koma ga misalin. Ban ce Dieng mutum ne mai son girma da gudun abin kunya ba, na ce ba ya fita sai cikin babbar riga alhali ba shi da aiki. Rigar abu ce da kyamara za ta iya ɗauka, kuma ta dawo daga baya ta yi aiki, lokacin da ya kasa cewa babu. Ban ce labari ya bazu ba, na ce unguwa ta ji ƙamshi. Jimlolin ofisoshin nan uku an jera su iri ɗaya da gangan, wannan ya tura shi can, can ya tura shi gaba, don mai karatu ya ɗanɗani gajiyar da abin dariyar da ke cikinta. Mandabi fim ne mai sa dariya mai ɗaci, saboda haka shafinsa ya kamata ya sa murmushi a farko ya bar ɗaci a ƙarshe. Da fim ɗin tsoro ne, da jimlolin sun gajarta sun yi sanyi. Da na barkwanci ne zalla, to dole wani wuri a shafin ya ba da dariya, domin alƙali ba zai yarda da alkawarin cewa dariyar tana cikin sikirif ba.

Akwai kalmomin da ya kamata marubuci ya yi zarginsu duk inda ya gan su a shafinsa: "ya fahimci cewa", "ta gane darajar", "ya koyi darasi", "rayuwarsa ta canja". Duk suna faɗin abin da ke cikin zuciya ne, fim kuwa ba ya ganin zuciya sai ta hanyar aiki. Idan ka rubuta cewa jaruma ta gane mijinta yana ƙaunarta, tambayar alƙali ita ce: me ta gani, me kuma ta yi bayan ta gani? Rubuta wannan. Haka nan jigo. Ba sai ka ce fim ɗinka yana magana a kan cin hanci ba. Idan sarƙar ta ɗauru, mai karatu zai faɗa da bakinsa, kuma abin da ya gano da kansa ya fi zama masa. Mu da muka taso da finafinan faɗakarwa, wannan yana mana wuya, don mun saba a tsaya a ƙarshe a yi wa'azi.

Maganar 'yan wasa fa? A bar ta a sikirif. Layi ɗaya, idan shi ne ƙashin bayan fim ɗin, ana iya sa shi, amma fiye da haka ɓarnar fili ce. Haka bayanin kyamara, da sunan waƙoƙi, da jaruman da kake mafarkin su fito. Wani zai rubuta cewa wannan rawa ta dace da wane, fitaccen jarumi. Wannan zance ne na teburin furodusa, ba na gasa ba.

Idan labarin yana da sirri

Tambayar da ake yawan yi ita ce: to idan duk ƙarfin fim ɗina yana cikin wani abin mamaki da ke bayyana a minti na ƙarshe fa? In na faɗa ai na kashe shi. Amsa ita ce a faɗa, amma a faɗa a inda ɗan kallo zai gano shi. Ɗauki The Sixth Sense na 1999. Likitan ƙwaƙwalwar yara, Malcolm Crowe, wani tsohon majinyacinsa ya harbe shi a farkon fim. Daga baya muka gan shi yana taimakon wani yaro da ke ganin matattu, yayin da matarsa ta daina yi masa magana. Sai a ƙarshe ya gano cewa shi kansa ya mutu tun daren harbin. Mai taƙaita wannan labari ba zai buɗe da cewa Crowe matacce ne ba, kuma ba zai rufe da cewa akwai wani sirri mai girgiza zuciya ba. Zai sa harbin a sakin layi na farko, ya sa shirun matar a tsakiya, ya sa bayanin yaron cewa matattu ba su san sun mutu ba, sa'an nan ya faɗi gaskiyar a sakin layi na ƙarshe, ƙarara. Ta haka alƙali zai ji irin bugun da ɗan kallo zai ji, kuma zai ga cewa an shuka abin tun da wuri, ba daga sama ya faɗo ba. Abin mamakin da ba a shuka ba, a shafi ɗaya yake fi saurin tonuwa: idan wanda ya warware matsalar sai a layi na ƙarshe aka fara jin sunansa, ko wata wasiyya ta ɓullo daga ƙarƙashin katifa, ko mugu ya yi hatsarin mota ya huta da kowa, alƙali zai gani nan take.

Wasu kuma tsoron sata ne ke hana su faɗin ƙarshe. Tsoron ba na banza ba ne, kowa a harkar ya taɓa jin ƙorafin an ɗauke wa wani labari. Amma gasar da za ka aika wa cikakken sikirif, ɓoye mata ƙarshe a shafi ɗaya bai kare ka da komai ba. Kariyar tana wurin bincika ko su wane ne masu gasar, da karanta sharuɗɗansu a ga ko suna neman mallakar abin da aka aiko, da ajiye shaidar ranar da ka kammala rubutunka. A Nijeriya ana iya yin rajistar aiki a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa. Gasar da ba ka amince ta ga ƙarshen labarinka ba, bai kamata ta ga farkonsa ba ma.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna kayar da mutane. Gasa da yawa suna karatu ne ba tare da sanin marubuci ba, don haka sa suna ko lambar waya a shafin yana iya sa a fitar da aiki, sai a duba ƙa'ida. Idan an ce shafi ɗaya, kada a matse haruffa zuwa girman 9 a cinye gefen takarda don a cusa kalmomi 800, mai karatu yana ganin wannan wayon kafin ya karanta kalma ɗaya. A aika da PDF idan ba a ce wani abu daban ba, domin tsarin shafi yakan wargaje daga waya zuwa kwamfuta, kuma ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ sukan rikiɗe su zama akwatuna. Yawancin gasar ƙetare da Ingilishi ko Faransanci ake shiga, inda al'ada ita ce a ba da labarin kamar yanzu yake faruwa. Wanda ya yi tunanin labarinsa da Hausa, gara ya fara rubuta shafin da Hausa har sai ya zauna daram, sa'an nan a juya shi, a kuma ba wanda ya ƙware a harshen ya duba. Idan akwai abin da baƙo ba zai gane ba kuma labarin ya rataya a kansa, kamar idda ko auren kisan wuta, a bayyana shi da rabin jimla a daidai inda ya fito, kada a buɗe masa sakin layi.

Kafin ka aika, ba wani wanda bai san labarin ba ya karanta shafin sau ɗaya, ka karɓe takardar, ka ce ya ba ka labarin da baki. Kada ka taimaka masa ko da ya tsaya. Inda ya rikita mutum biyu, sunaye sun yi yawa. Inda ya ce "ban san dalilin da ya sa ta koma gidan ba", akwai mahaɗin da ya ɓace. In kuwa ya kai ƙarshe ya tambaye ka yadda aka ƙare, koma ka sake rubuta sakin layi na ƙarshe, ka faɗi wanda ya mutu, wanda ya yi aure, da wanda ya tafi da kuɗin.